Me zan rubuta a ƙasan hoton sabuwar shekara?

"Malama, barka da war haka. Duk ƙarshen shekara sai in ɗora hoto in rubuta 'sabuwar shekara, sabuwar ni', har ni kaina na fara jin kunyar abin. Bana abu 3 ne a raina: in kammala kundin digirina da ya tsaya a babi na 4 tun watan Yuni, in rage daɗewa a waya da dare, in kuma samu aiki. Yaya zan rubuta su ba tare da na koma irin maganganun ƙarfafa gwiwar nan da kowa ya gaji da su ba?"

Barka kadai, ƙanwata. Na daɗe ina aikin gyara rubutun mutane, daga na talla har gajerun maganganun da ake sawa a ƙasan hoto, kuma akwai wani gwaji da nake yi wa kowace jimla kafin in bar ta ta fita. Nakan cire sunan mai ita, in ɗora sunan wani daban, in sake karantawa. In ta zauna daram a bakin wancan kamar yadda ta zauna a bakin wannan, to jimlar ba ta kowa ba ce. Gwada da "bana tawa ce". Ɗaliba za ta iya faɗa, tsohon da ya yi ritaya zai iya faɗa, wanda ya yi asara bara da wanda ya ci riba duk za su iya faɗa. Haka "shekarar nasara", haka "ba gudu ba ja da baya", haka "shafi na 1 cikin 365". Babu ƙarya a cikinsu. Matsalarsu ita ce ba su ɗauke da labarin kowa, shi ya sa ido yake tsallake su kamar yadda yake tsallake tallan da ya saba gani. Mai karatu yana ganin kalma 2 na farko ya riga ya san sauran, to me zai tsaya nema?

Mutane da yawa in sun gane haka sai su tafi neman kalmomi masu nauyi ko wata hikima da ba a taɓa ji ba. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yawanci abin da ake samowa ya fi na farkon muni, don an bar maganar kowa an koma maganar da ba ta kama mai ita ba. Abin da ke raba jimlarki da ta jama'a shi ne wani ɗan abu na gaskiya da ke kaɗai kike da shi. Ke kuwa kin riga kin ba ni shi ba ki sani ba: babi na 4, da watan Yuni. Babu wanda zai iya aron wannan. Duk wanda ya taɓa barin aiki rabi ya kwana yana kallonsa, yana karantawa zai ji a jikinsa, ko da bai taɓa rubuta kundi ba. Abin mamakin ke nan a wannan sana'a, yadda magana ta fi ƙanƙanta ta kuma fi zama ta mutum ɗaya, haka take fi shiga ran mutane da yawa.

Kafin mu taɓa jimlolin, sai mun raba abubuwanki gida 2, domin ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai shiri, akwai fata. Shiri shi ne abin da hannunki zai iya yi gobe da safe ba tare da izinin kowa ba. Fata kuma shi ne abin da kike so ya faru amma mabuɗinsa na hannun wani. Rubuta babi shiri ne. Ajiye waya shiri ne. Samun aiki fata ne, don sai wani ya karanta takardarki ya ce ki zo. Mafi yawan maganganun da suka tsufa suna tsufa ne saboda sun cakuɗa waɗannan biyun: suna ɗaukar fata su sa masa muryar shiri. "Bana sai na yi arziki", "bana dole in kai". Mai karatu ya san ba a hannun mai maganar abin yake ba, shi ma mai maganar ya sani, sai jimlar ta fito da ƙara kamar gangar da babu komai a cikinta.

Hausa kuwa ta riga ta tanadi kayan wannan rabon, mu ne muke sakaci da su. Akwai "zan", wadda ke ɗaukar alkawari: zan rubuta, zan tashi. Akwai "ina so in", wadda ke nuna buƙata ba tare da ta ɗaure ki ba. Akwai "ina sa ran", wadda ke cewa akwai dalilin jira amma ba tabbas. Akwai "Allah ya sa", wadda ke miƙa abin gaba ɗaya. Akwai "da ma a ce" da "ina ma", waɗanda ke jan magana zuwa nadama, don haka ki yi hattara da su a rubutun da ke duban gaba. Sannan akwai wata siga da nake ƙauna wadda ba a cika rubuta ta ba, ta "ma gani", "kya ji", "ya zo ne": nan gaba ce, amma mai sassauci, mai ɗan murmushi a ciki. In kin rufe magana da "sauran kuma ma gani", kin faɗi cewa kina da fata, kin kuma faɗi cewa kin san iyakarki, duk a kalma 4. Sai dai ki lura, ta "na" da ta "ya" suna rikicewa a rubuce. "Na yi" mai nufin nan gaba da "na yi" mai nufin an riga an gama, a baki karin sauti ne ke raba su, a rubuce kuwa iri ɗaya suke, tunda ba ma sa alamar karin sauti. Saboda haka a rubutu ki tsaya ga "ma" da "kya", su ba sa ruɗa kowa.

To mu ɗauki kundin, don shi ne ya fi nama. Da hannunki ya bi abin da ya saba, da kin rubuta wani abu kamar "bana shekarar cika buri ce, sai na ga ƙarshen karatuna." Ki duba abin da ke cikinta: buri, ƙarshe, karatu. Duk sunaye ne na abubuwan da ba a iya nunawa da yatsa. Matakin farko shi ne ki musanya kowane da abin da ido ke gani. Karatu ya koma babi na 4. Buri ya koma shafukan da suka rage. Shekara ta koma wata rana da wata sa'a. Sai ki samu: "Zan gama babi na 4 kafin ƙarshen Janairu." Wannan ta fi, amma har yanzu da sauranta, don ta faɗi inda za a je ba ta faɗi ƙafar da za a fara ɗagawa ba, kuma ta yi kama da takardar da ake liƙawa a allon sanarwa.

A nan akwai wani bincike da ya dace ki sani. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya yi fice da abin da ya bayyana a 1999, cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi niyyar da aka bari sake yiwuwar zama aiki. Wato maimakon "zan riƙa rubutu", mutum ya ce "in ƙarfe 6 na safe ta yi, zan zauna a teburin nan in rubuta shafi 1." Dalilin mai sauƙi ne: an riga an yanke shawarar tun kafin lokacin ya zo, sa'ar da kanta ce za ta tuna miki, ba sai kin sake muhawara da zuciyarki kowace safiya ba. Ni abin da ya ja ni ga wannan shi ne, abin da ke sa niyya ta yi aiki shi ne dai abin da ke sa jimla ta yi rai. Lokaci, wuri, adadi. In babin shafi 20 ne, kina rubuta shafi 1 a rana, kwana 5 a mako, mako 4 ya ishe ki. Kin ga yanzu akwai abin faɗa.

Amma kar ki zuba duk lissafin a ƙasan hoto, ba rahoto kike rubutawa ba. Ɗauki ɗaya ko biyu, ki haɗa da gaskiyar bara. Wannan gaskiyar ta bara ita ce sinadarin da maganganun ƙarfafa gwiwa suka rasa, don su kullum suna yi kamar mutum yau aka haife shi, ba shi da jiya. "Sabuwar ni" tana cewa tsohuwar ta mutu da tsakar daren 31 ga Disamba, alhali kowa ya san da safe ita ce dai za ta farka, da halinta da bashinta da babinta. In kin yarda da hakan a fili, mai karatu zai yarda da sauran maganarki. Ga yadda ni zan sa ta:

"Babi na 4 ya kwana a wannan teburin tun watan Yuni. Gobe da ƙarfe 6 na safe za mu sake gaisawa."

Ki lura babu kalmar buri, babu nasara, babu ma sabuwar shekara, ranar da kika ɗora ta ce za ta faɗi wannan. Jimlar farko ta amsa laifi ba tare da kuka ba. Ta biyu ta ɗauki alkawari ƙarami wanda za a iya cikawa cikin sa'o'i. "Gaisawa" kuma ta mai da babin kamar wani ɗan'uwa da aka daɗe ba a leƙa ba, nan ne ɗan murmushin yake. In ba ki son raha, ki ce "gobe da ƙarfe 6 na safe zan buɗe shi", ita ma ta tsaya da ƙafarta.

Na waya kuma matsalarsa daban ce. Yadda ya zo a ranki, abu ne da za ki rage, kuma jimlar da aka gina a kan bari ko ragewa ba ta da hoto. Rufe ido ki gwada hango "rage waya". Babu abin da zai zo miki sai wayar kanta. A 2020 wasu masu bincike a Suwidin, Martin Oscarsson da Per Carlbring da abokan aikinsu, sun wallafa sakamakon bin mutum 1066 da suka ɗauki ƙudurin sabuwar shekara har tsawon shekara guda. Cikin waɗanda ƙudurinsu na fara wani abu ne, kusan 59 cikin 100 suka ce sun yi nasara. Cikin waɗanda nasu na barin wani abu ne, kusan 47 cikin 100. Mutanen ne da kansu suka ba da rahoton, don haka ba awo ne na ma'auni ba, amma tazarar ta isa a kula da ita. Abin da za ki yi shi ne ki tambayi kanki me zai zauna a gurbin wayar, ko kuma ina wayar za ta koma. Daga nan jimla ke fitowa: "Daga yau wayata a falo za ta riƙa kwana. In kun ga saƙona bayan ƙarfe 10, ku kore ni." Yanzu akwai wuri, akwai sa'a, akwai kuma aikin da kika ba masu karatu. Wannan na ƙarshen yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin "bana tawa ce" ba ta bar wa mutum abin cewa sai "amin", ita kuwa wannan ta buɗe ƙofar zance.

Sai dai ki auna ko da gaske kina son a kore kin. Duk alkawarin da kika rubuta a bainar jama'a akwai wanda zai riƙe, kuma ba lallai ne ya zama wanda kike so ya riƙe ba. In kin san ba za ki ji daɗin a tuna miki a watan Maris ba, cire rabin na biyu.

Na aiki shi ne wanda zan ce ki fi taka-tsantsan da shi. Tunda fata ne, muryar fata za ki ba shi, kuma hanya mafi kyau ita ce ki faɗi ɓangaren da ke hannunki da "zan", ki bar ɗaya ɓangaren a buɗe. Misali: "Takardar neman aiki 2 kowane mako, wannan nawa ne. Amsar kuma, Allah ya sa mu ji alheri." Kin raba abin gida biyu a gaban mai karatu, kin ɗauki naki kin ajiye wanda ba naki ba. Addu'ar da ke ƙarshe, ko da yake kowa na yin ta, ba ta gaji ba a nan, saboda an san takamaiman abin da ake roƙo. Addu'a tana zama maganar baka ne kawai in an jera ta ba a ɗaura ta a kan komai ba, irin jerin nan na lafiya da arziki da ɗaukaka da nasara da ake kwafowa daga wani a tura wa wani.

Amma in shawarata za ki bi, wannan na ukun kar ki ɗora shi sam. Dalili na farko, rubutu ɗaya abu ɗaya yake iya ɗauka. In kin jera uku, kin koma jerin ƙudurori, kowanne ya rage wa ɗan'uwansa ƙarfi. Dalili na biyu ya fi zurfi. Shi dai Gollwitzer ɗin da abokan aikinsa sun wallafa wani binciken a 2009, inda suka ga cewa ɗaliban da wani ya san niyyarsu ta zama wani abu, kamar zama lauya, sun yi ƙasa da ƙoƙarin waɗanda ba a san tasu niyyar ba. Bayaninsu shi ne, da zarar mutane sun ji kuma sun amsa, mutum yakan fara jin kamar ya riga ya zama abin, sai yunwar ta ragu. Gwaje-gwajen ƙanana ne kuma a kan ɗalibai aka yi, ba doka ba ce da ta hau kowa. Amma ni na ɗanɗana. Wata shekara na rubuta cewa bana zan zama marubuciyar littafi, aka yi ta taya ni murna kamar an riga an buga shi, na kwana da daɗin nan, shekarar ta ƙare ban wuce shafi 9 ba. Ki lura da inda hatsarin yake: a jimlar da ke cewa me za ki zama. "Bana zan zama mai digiri" tana jawo tafi tun kafin aiki. "Gobe zan buɗe babi na 4" ba ta jawo tafi, sai dai wata ta tambaye ki jibi ko kin buɗe. Tambayar ce kike buƙata.

Yanzu karin magana, don na san hannu zai kai can. Ba na hana ta, ai gishirin zance ce. Amma "sannu ba ta hana zuwa" ko "bayan wuya sai daɗi" ko "in da rai da rabo", in an ajiye su su kaɗai a ƙasan hoto, sun faɗi gwajin musanya suna kamar yadda "bana tawa ce" ta faɗi. Karin magana a bakin manya ba ta zuwa tsirara, tana zuwa ne a kan wani lamari da ake ciki, lamarin ne ke ba ta kaifi. To ke ma ki kawo lamarin. "An ce sannu ba ta hana zuwa. Wata 6 ke nan ina gwada maganar a kan babi na 4." Kin ga karin maganar ta farka, don an sa ta gaban shaida, kuma wanda ya san ƙarashenta, "sai dai a daɗe ba a je ba", zai ƙarasa a ransa ya yi dariya ba tare da kin rubuta ba. Wannan dabarar ta barin rabi ga mai karatu tana aiki ne kawai da karin maganar da kowa ya haddace. In kin ɗauko wadda ba a sani ba kika yanke ta, kin bar mutane a duhu.

Akwai wani rami kuma da masu gudun maganganun ƙarfafa gwiwa ke yawan faɗawa, wato habaici. "Bana ba ni da lokacin munafukai." "Masu jiran faɗuwata sai ku gyara zama." "Hassada ga mai rabo taki." Mai rubutawa yana jin kamar ya yi magana mai zafi wadda ba ta kowa ba, alhali ita ma ta tsufa tuntuni, kuma ta fi waccan illa. Ta ɗauke hasken daga shirinki ta mai da shi kan wasu mutane da ba a ambata ba. Ƙawayenki goma za su karanta, aƙalla uku za su tsaya tunanin ko da su kike. Wadda kike nufi kuwa mai yiwuwa ba ta ma gani ba. Hanyar gane kin faɗa ramin ita ce ki duba wa ke aikata aikin da ke cikin jimlar. In "su" ne ko "wasu", ba shirinki kike rubutawa ba.

Rami na biyu shi ne tawali'un ƙarya, irin "ni dai ba ni da wani buri, numfashi ma ya isa", a ƙasan hoton da aka ɓata sa'a guda ana gyarawa. Mutane suna jin saɓanin ko ba su iya faɗin sunansa ba. In shekarar da ta wuce ta yi miki nauyi da gaske har ba ki da ƙarfin shiri, faɗin hakan kai tsaye ya halatta, kuma yakan fi komai taɓa zuciya: "Bara ta karɓi abubuwa da yawa. Bana a hankali zan taka." Sharaɗin kawai ya zama gaskiya ne.

Hoton kansa yana da hannu a maganar. Ƙa'idar da nake bi ita ce kar rubutu ya maimaita abin da hoto ya riga ya nuna. In hoton fuskarki ne kina murmushi, "cikin farin ciki" ba ta ƙara komai ba. Jimlar babi na 4 za ta fi zama a ƙasan hoton teburin da takardun a kai, ko da a hargitse suke, hargitsin ma shaida ne. In kuwa hotonki kike son sawa, canza "wannan teburin" zuwa "teburina", tunda babu teburin da za a nuna. Ƙananan kalmomin nuni irin "wannan" da "nan" suna jingina ne da abin da ido ke gani, in babu shi sai su rataya a iska.

Tsawo kuma wurin da za ki ɗora ne ke yanke shi. Instagram yana karɓar harafi har 2200, amma abin da ke fitowa kafin a yanke a sa `more` bai wuce kamar harafi 125 ba, kuma yawancin mutane ba sa dannawa. Don haka abin da ya fi ƙarfi shi ne zai zo farko. Kar ki ɓata layin farko a kan "yayin da muke bankwana da wannan shekara mai cike da darussa", kafin ki iso ga maganarki an wuce. Jimlolin nan biyu na babi na 4 ba su kai harafi 100 ba, za su fito gaba ɗaya. A X iyakar asusu na yau da kullum harafi 280 ne. Status na WhatsApp kuwa bayan sa'a 24 yake ɓacewa, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne ke gani, shi ya sa nan ne ya fi dacewa da maganar waya da "ku kore ni", tunda masu ganin su ne dai masu samun saƙonki na dare. Abin da kike son ki dawo ki duba a Disamba mai zuwa, shi ne za ki sa a inda yake zama.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata irin wannan rubutu musamman, kuma kusan kullum sai na gyara shi: "bana" da "ba na". Mutane sun saba haɗe "ba na" ta korewa su rubuta ta "bana". A sauran ranaku mai karatu yakan gane daga zancen, amma a rubutun sabuwar shekara kalmar "bana" mai nufin wannan shekara tana ko'ina. Wadda ta rubuta "bana karatu da safe" me take nufi, a wannan shekara za ta riƙa karatu da safe, ko kuwa ba ta karatu da safe? Ma'ana biyu masu karo da juna, tazara ɗaya ce tsakaninsu. In shekara kike nufi, sa waƙafi ko ki ƙara aikatau: "bana, karatu da safe" ko "bana zan yi karatu da safe". In korewa ce, raba su. Haka ƙugiyar haruffa: "zan kara" da "zan ƙara" ba abu ɗaya ba ne, ta farko ma tana iya nufin za ki yi karo da wani. In allon rubutun wayarki yana da Hausa, kunna shi kafin ki fara.

Da kin gama, karanta da ƙarfi kamar kina faɗa wa ƙawarki tana zaune a gabanki. Duk inda kika ji bakinki ya yi nauyi, ko kika ji ba za ki iya faɗin kalmar ido da ido ba tare da kin yi dariyar kanki ba, goge ta. Babu mai kallon ƙawarta ta ce "zan haskaka kamar tauraruwa". Amma "babin nan ya ishe ni, gobe zan koma masa", wannan kin sha faɗa. Yawanci abin da ke faɗuwa a wannan karatun shi ne jimlar ƙarshe, don a nan ne hannu ke son ƙara wani darasi ga jama'a, irin "kar ka taɓa karaya". Ba wa'azi aka tambaye ki ba, kuma wanda ke buƙatar ƙarfin gwiwa ya fi samunsa a ganin wata ta koma kan aikin da ta bari wata 6.

Saboda haka ga yadda zan raba miki su. Hoton teburin da jimlar babi na 4 su tafi inda rubutu ke zama, ki ɗora ranar 31 ga Disamba da yamma domin "gobe" ta faɗa kan 1 ga Janairu. In sai ranar 1 ga wata za ki ɗora, ki fara zama ki rubuta shafin tukuna, sannan ki mai da jimlar ta biyu "yau da ƙarfe 6 na safe muka sake gaisawa", wadda ta ma fi, don ta koma labarin abin da ya riga ya faru. Maganar waya ta tafi Status. Ta aiki kuma ki rubuta ta a bangon farko na littafin da kike lissafa takardun da kika tura, da kwanan watan kowace a gefenta.